Maɓallin da ke Rubuta Harafi Sau Biyu: Inda Matsalar Take da Yadda Ake Gyara Ta

Mai buga takardu ya danna harafin b sau ɗaya, sai ga bb a allon kwamfuta. Ya goge, ya sake bugawa, ya fito daidai. Bayan layi uku abin ya dawo. A rubutun Hausa wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin baba daban, babba daban. A lissafin kuɗi abin ya fi muni, tunda sifiri ɗaya da ya ƙaru yakan mai da naira 5,000 ta koma 50,000. A wurin shigar da kalmar sirri kuwa, inda ɗige-ɗige kawai ake gani, mutum zai yi ta rantsuwa cewa daidai ya buga, na'ura kuma tana ƙin buɗewa.

Abin da yawancin mutane ke fara cewa shi ne kwamfutar ta kama bairos. Wasu su ɗora laifin a kan yatsunsu. Wasu har su biya kuɗi a goge komai a sake loda musu Windows, kibod ɗin kuma ya ci gaba da halinsa. A mafi yawan lokuta matsalar ba ta wuce wani ɗan guntun ƙarfe da ke ƙarƙashin maɓalli ɗaya tilo ba, kuma ana iya auna ta da lamba. Wannan lambar ce ke nuna ko manhaja za ta isa, ko kuwa dole sai an kai hannu ga ƙarfen.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin yatsa

A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai suwic, wato wasu ƙarafa biyu da ke rabe da juna. Idan an danna, sai su haɗu, wuta ta wuce, kibod ya gane an taɓa wannan harafin. Mutum yana ganin haɗuwar sau ɗaya take faruwa, amma ba haka ba ne. Ƙarfen siriri ne mai lanƙwasuwa, don haka idan ya bugi ɗan'uwansa sai ya ja da baya, ya sake bugawa, ya sake ja, kamar ƙwallon roba da aka saki a kan siminti, yana ta tsalle yana ragewa har ya kwanta. Haka ma idan an ɗaga yatsa, ƙarafan ba sa rabuwa lokaci guda.

Duk wannan yana ƙarewa cikin ɗan lokacin da ido ba ya kamawa. Ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kamfanin Cherry, wanda suwic ɗinsa samfurin MX ya zama abin koyi a kibod masu suwic ɗai-ɗai tun shekarun 1980, yana rubuta a takardar bayanin kayansa cewa tsallen ba ya wuce milisakan 5. Wani injiniya Ba'amurke, Jack Ganssle, ya taɓa tara suwic iri-iri guda 18 ya haɗa su da na'urar da ke zana motsin wuta, ya yi ta danna su. Yawancinsu sun lafa cikin milisakan ɗaya da rabi a matsakaici, mafi daɗewa a cikin waɗannan ya ɗan haura milisakan 6. Amma akwai guda ɗaya da ya fita zakka, ya kai milisakan 157 yana tsalle.

Ga ɗan'adam milisakan 5 ba komai ba ne. Ga ƙaramin aisin da ke cikin kibod kuwa lokaci ne mai tsawo, domin yana zagaya maɓallan yana duba su ɗaruruwan lokuta, wani ma fiye da sau dubu, a daƙiƙa ɗaya. Da zai aika duk abin da ya gani, da kowace dannawa ta zama haruffa huɗu ko biyar. Shi ya sa kowane kibod yake fitowa daga masana'anta da wata 'yar dabara a cikinsa: idan ya ga motsi, ba ya ƙirga sauran motsin da ya biyo baya sai wani ɗan lokaci ya wuce.

Ke nan sabon suwic ma yana tsalle. Bambancin lafiyayye da mai ciwo shi ne tsawon tsallen. Idan ƙura ta shiga tsakanin ƙarafan, ko tsatsa ta hau fuskarsu, ko ruwan shayi ya bushe a kansu, ko ƙarfen ya gaji ya rage ƙarfin matsewa, sai tsallen ya tashi daga milisakan 5 ya kai 20 ko 40. Lokacin jiran da aka sa wa kibod ya ƙare, ƙarfen bai lafa ba, sai aisin ya ɗauka an sake dannawa. Wutar da ke bi ta cikin suwic ɗin kibod kaɗan ce ƙwarai, ba ta da ƙarfin ratsa datti, shi ya sa ɗan ƙurar da ba za ta dami makunnin fitilar ɗaki ba take iya rikita shi. Wanda ya san yadda ƙurar hunturu ke lulluɓe teburin shagon buga takardu a Kano ko Damagaram cikin wuni ɗaya ba zai yi mamakin yawan wannan matsala a lokacin ba.

Tsohuwar cuta ce

Matsalar ta girmi yawancin masu fama da ita yau. Kwamfutar TRS-80, wadda kamfanin Radio Shack ya fitar a Amurka a 1977, ta yi ƙaurin suna wajen ninka haruffa, har kamfanin ya riƙa ba da wata 'yar manhaja a kaset mai suna `KBFIX` da ake lodawa don ta tace dannawar bogi. Daga baya aka sa gyaran a cikin na'urar kanta, aka kuma canza irin kibod ɗin.

Bayan kusan shekara arba'in abin ya sake kama wani babban kamfani. A 2015 Apple ya shigo da wani siririn kibod da ake kira mai fukafukin malam-buɗe-littafi a kwamfutocinsa na MacBook. Maɓallan ba su da wurin motsi sosai, ɗan tsaki kaɗan sai ya hana su aiki. A watan Yuni na 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, kuma a cikin alamomin da ya lissafa akwai haruffan da ke maimaita kansu ba tare da an so ba. Masu kwamfutocin da suka gaji da jira sun riƙa amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna `Unshaky`. A ƙarshe Apple ya watsar da wannan ƙirar baki ɗaya a 2020, ya kuma amince ya biya dala miliyan 50 a 2022 don sasanta ƙarar da aka shigar a kansa. A labaran biyu manhaja ta rage wa mutane wahala na ɗan lokaci, amma sai da aka canza ƙarfen kafin maganar ta mutu.

A fara tabbatar da cutar

Ba duk harafin da ya ninku ba ne tsallen suwic. Idan kowane maɓalli yana ninkawa, musamman a hannun mai buga rubutu a hankali yana jinkirin ɗaga yatsa, to saitin maimaitawa ne ya yi gajere. A Windows ana gyara shi a `Keyboard Properties` ta hanyar tsawaita `Repeat delay`. Idan kibod marar waya ne kuma harafi yakan zubo da yawa a jere, aaaaa, a fara canza batir, a kuma matso da ɗan abin karɓar saƙon kusa. Idan danna maɓalli ɗaya yana fito da haruffa biyu mabambanta, wannan alamar ruwa ne ya shiga ya haɗa layukan wuta.

Tsallen suwic yana da kamanninsa. Maɓalli ɗaya ne ko biyu, galibi waɗanda aka fi wahalarwa. Harafin sau biyu yake fitowa, da wuya ya kai uku. Ba kullum yake yi ba, yakan yi sau ɗaya a dannawa goma ko ashirin. Kuma idan aka ɗauki kibod ɗin aka jona a wata kwamfuta, matsalar takan bi shi can. Wannan gwaji na ƙarshe shi kaɗai ya isa ya wanke Windows da bairos daga zargi.

Daga nan sai awo. A Linux akwai umarnin `sudo evtest`, wanda ke nuna kowane motsin maɓalli da lokacinsa. A ɗauka ga kibod ɗin wani shagon buga takardu da harafin b ke damu. An danna shi sau ɗaya, an cire layukan da ba a buƙata, ga abin da ya rage:

```
Event: time 1700000000.100000, type 1 (EV_KEY), code 48 (KEY_B), value 1
Event: time 1700000000.180000, type 1 (EV_KEY), code 48 (KEY_B), value 0
Event: time 1700000000.196000, type 1 (EV_KEY), code 48 (KEY_B), value 1
Event: time 1700000000.204000, type 1 (EV_KEY), code 48 (KEY_B), value 0
```

`value 1` na nufin an danna, `value 0` an saki. Da `value 2` aka gani, da maimaitawar riƙe maɓalli ce, ba tsalle ba. Layi biyu na farko yatsa ne: ya danna, ya riƙe milisakan 80, ya ɗaga. Layi biyu na ƙarshe ba na mutum ba ne. Milisakan 16 kacal bayan sakin, maɓallin ya sake dannuwa, ya tsaya milisakan 8, ya saku. Babu yatsan da ke iya wannan. Mai buga kalma 60 a minti yana fitar da kimanin harafi biyar a daƙiƙa, wato milisakan 200 ga kowane harafi, kuma buga maɓalli ɗaya sau biyu da yatsa ɗaya da wuya ya ɗauki ƙasa da milisakan 100 daga dannawa zuwa dannawa. Lambobin sun fito takwas-takwas ne saboda kibod na yau da kullum masu jonawa ta USB sau 125 suke aika rahoto a daƙiƙa, wato bayan kowane milisakan 8.

Awo ɗaya bai isa ba. Sai a yi ta danna maɓallin kamar sau hamsin ana rubuta tazarar kowace dannawar bogi. A misalinmu, a ce an samu 16, 24, 16 da 32. Sannan a sa wanda ya fi kowa sauri a shagon ya buga babba, dabba da sabbi sau da yawa, a auna tazarar da ke tsakanin sakin b na farko da danna na biyu. A ce mafi ƙanƙantar tazararsa 70 ce. Yanzu an samu iyaka biyu: bogi bai wuce 32 ba, na gaskiya bai gaza 70 ba. Duk gyaran manhaja a cikin wannan fili yake zama.

Gyara ta manhaja

Dabarar ɗaya ce ko'ina: idan maɓalli ya sake dannuwa kafin wani ƙayyadadden lokaci ya cika bayan an sake shi, a yi watsi da dannawar. A misalin da ke sama, milisakan 45 ko 50 ya yi daidai. Idan aka sa 20, wasu na bogi za su tsallake. Idan aka sa 100, sai a koma wata sabuwar matsala: babba ya riƙa fitowa baba, kulle ya zama kule, 1000 ta zama 10. Mai rubutun Hausa ya fi wasu buƙatar kula da wannan iyaka ta sama, saboda ninka baƙi ya yi yawa a harshen, daga sannu da hannu har zuwa daddawa.

A Linux mai amfani da GNOME, layi biyu sun gama aikin:

```
gsettings set org.gnome.desktop.a11y.keyboard bouncekeys-enable true
gsettings set org.gnome.desktop.a11y.keyboard bouncekeys-delay 50
```

Layi na biyu yana da muhimmanci, domin lambar da ke wurin tun asali 300 ce. An yi ta ne don masu rawar hannu, ba don suwic mai tsatsa ba, kuma za ta cinye kowane ninkakken harafi.

Windows ma yana da irin wannan a cikin `Filter Keys`, amma mafi ƙanƙantar lokacin da yake bari a zaɓa a allon saiti rabin daƙiƙa ne, wanda ya yi tsawo ƙwarai. Masu sanin kan na'ura sukan shiga `regedit`, su je `HKEY_CURRENT_USER\Control Panel\Accessibility\Keyboard Response`, su sa lambar da suke so a `BounceTime`. Wanda bai saba da wurin ba gara ya nemi ƙaramar manhajar kyauta mai suna `Keyboard Chatter Blocker`. Ta fi saitin Windows da abu biyu. Tana nuna tazarar kowace dannawar da ta kama, don haka ita ma ma'auni ce ga wanda ba shi da Linux. Kuma tana ba da damar sa wa b milisakan 50 a bar sauran maɓallan yadda suke.

Irin waɗannan manhajoji suna da iyaka. Suna zaune ne a kwamfuta, ba a kibod ba. Idan aka kai kibod ɗin wata na'ura, cutar na nan. Manhajar da ke tashi bayan an shiga kwamfuta kuma ba ta nan lokacin da ake buga kalmar sirrin shiga, inda aka fi buƙatarta.

Wanda kibod ɗinsa ke aiki da manhajar ciki ta QMK yana iya sa gyaran a jikin kibod ɗin kansa. A fayil ɗin `config.h` akwai lokacin jira, wanda asalinsa 5 ne. Sai a ɗaga shi, a sake loda manhajar a kibod:

```c
#define DEBOUNCE 20
```

A nan akwai zaɓi tsakanin hanya biyu. Ta farko ita ce jira: kibod ba ya aika komai sai ya ga suwic ya zauna a hali ɗaya na tsawon lokacin da aka sa. Ita ce QMK ke amfani da ita idan ba a canza ba, sunanta `sym_defer_g`. Tana kama dannawar bogi mai gajeren rai, irin ta milisakan 8 ɗin nan, amma tana jinkirta kowane harafi da wannan lokacin. Ta biyu ita ce gaggawa, irin `sym_eager_pk`: da zarar an ga motsin farko sai a aika, sannan a toshe kunne na ɗan lokaci. Ba ta da jinkiri, shi ya sa masu wasannin kwamfuta ke son ta, sai dai duk wani ɗan hargitsin wuta tana iya ɗaukarsa a matsayin dannawa. Ga mai buga takardu jinkirin milisakan 20 ba abin da zai ji ba ne, don haka hanyar jira ta fi masa.

Ɗalibin da ke haɗa maɓalli da Arduino zai ci karo da wannan tun ranar farko, idan ya danna sau ɗaya ya ga ƙirgensa ya ƙaru da uku. Hanyar jira a wurinsa layi huɗu ce a cikin `loop()`:

```c
int yanzu = digitalRead(2);
if (yanzu != naBaya) lokaci = millis();
if (millis() - lokaci > 10) tabbatacce = yanzu;
naBaya = yanzu;
```

Duk lokacin da karatu ya canza, agogo ya koma farko. Sai an yi milisakan 10 ba canji sannan a yarda da abin da aka gani.

Gyara a jikin ƙarfe

A koma ga kibod ɗin shagon. Manhaja ta rufe matsalar, amma tsatsa ba ta daina cin ƙarfen ba. Idan bayan wasu makonni aka sake awo aka ga dannawar bogi ta fara kai wa 60 ko 70, to filin da ke tsakanin bogi da gaskiya ya rufe. Duk lambar da aka zaɓa, ko ta bar bogi ya wuce ko ta cinye harafin kirki. Daga nan babu sauran abin da manhaja za ta iya.

Matakin farko tsafta ce. A cire kibod daga kwamfuta, a zare hular maɓallin, a danna sandar suwic ɗin ƙasa, a hura iska mai ƙarfi a ciki. Idan bai daina ba, a ɗiga ɗigo biyu ko uku na sifirit ɗin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko sama, a yi ta danna maɓallin sau talatin ko hamsin don ƙarafan su goge juna, a bar shi ya bushe sarai kafin a jona. Feshin wanke mahaɗar lantarki da masu gyaran rediyo ke amfani da shi ma yana yi, in dai wanda ba ya cin roba ne. Fetur, kananzir da man sassauta kusa ba su da wuri a nan: wasu suna lalata roba, wasu suna barin maiƙon da zai kama ƙura fiye da da.

Idan tsafta ba ta yi ba, sai a gano ko suwic ne ko mazauninsa. A kibod ɗin da ake zare suwic da ɗan matsefi ba tare da narka dalma ba, gwajin minti biyu ne. A ciro suwic ɗin b, a musanya shi da na wani maɓallin da ba a taɓawa, kamar `Scroll Lock` ko `Pause`. Idan b ya warke, suwic ɗin ne, kuma an gama gyara ba a kashe ko sisi ba. Idan b ya ci gaba da ninkawa da lafiyayyen suwic, to matsalar tana allon ƙasa: ko ramin da ƙafar suwic ke shiga ya buɗe ya daina matse ta, ko dalmar da ke riƙe shi ta tsage. A duba ƙafafun ma, domin ƙafar da ta lanƙwashe wajen sawa takan taɓa ta saki.

A kibod ɗin da aka liƙa suwic da dalma, aikin na mai gyaran waya ne ko rediyo. Ƙafa biyu ce kawai. A fara sake narka dalmarsu a ƙara sabuwa kaɗan, domin dalmar da ta tsage tana kwaikwayon tsallen suwic daidai wa daida. In bai yi ba, a zuƙe dalmar, a ciro suwic, a sa wani. Abin kiyayewa shi ne kada a daɗe da ƙarfe mai zafi a wuri ɗaya, ko a ja suwic da ƙarfi alhali dalma ba ta gama fita ba, domin siririn tagullan allon yana iya ɓallewa.

Kibod masu araha da suka cika ofisoshi da cibiyoyin jarrabawa ba su da suwic ɗai-ɗai. Ledoji uku ne a jere, biyu masu zanen layukan wuta, ɗaya mai ramuka a tsakiya, da 'yan ƙoƙunan roba a sama. Ana kwance su a goge wurin haɗuwar da auduga mai ɗan sifirit a hankali, ba tare da kankarewa ba. Idan zanen ya cinye, sayen sabo ya fi. Kibod ɗin laftof ma haka yake: in iska ba ta fitar da tsakin ba, ana canza shi ne gaba ɗaya. Shawarar da Apple ya bai wa masu MacBook ita ce a karkata na'urar zuwa digiri 75, a fesa iska daga hagu zuwa dama, a juya ta gefe a maimaita.

Me ya hana a sa kafasita?

Duk wanda ya karanci lantarki zai yi wannan tambayar, domin ga maɓalli guda ɗaya a na'ura, maganin tsalle sananne ne: rasista da kafasita. Kafasita ba ta cika ko ta zube nan take, don haka ƙananan tsalle-tsallen ba sa iya motsa wutarta sosai. Ana samun lokacin ta hanyar ninka ƙimar biyun. Rasista mai om 10,000 da kafasita mai maikurofarad 1 suna ba da milisakan 10. Idan wutar bolt 5 ce, kafasitar za ta ɗauki kimanin milisakan 12 kafin ta sauka zuwa bolt 1.5, lokacin da tsallen lafiyayyen suwic ya riga ya ƙare. Dole rasistar ta kasance tsakanin kafasita da suwic. Idan aka ɗora kafasitar kai tsaye a kan ƙafafunsa, duk dannawa za ta juye wutarta gaba ɗaya ta cikin ƙarafan, ta riƙa cin fuskarsu.

Wutar da ke sauka a hankali tana da tata matsalar, domin idan ta iso tsakiya aisi na iya rikicewa tsakanin kunne da kashe. Maganin wannan shi ne da'irar da Otto Schmitt ya ƙirƙiro a shekarun 1930, wadda ake samu yau a aisi irin `74HC14`. Tana da iyaka biyu: ba ta cewa wuta ta hau sai ta haura ta sama, ba ta cewa ta sauka sai ta gangara ƙasa da ta ƙasa, kuma duk rawar da aka yi a tsakaninsu ba ruwanta. Akwai ma aisin da aka ƙera don wannan aiki kaɗai, kamar `MC14490` mai ɗaukar suwic shida.

A kibod kuwa wannan ba ya yiwuwa. Maɓalli 104 ba su da waya 104. An jera su ne a layuka na tsaye da na kwance, aisin yana kunna layi ɗaya, ya duba wanda ya amsa, ya kashe, ya wuce na gaba, cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Kafasitar da ke riƙe wuta na milisakan 10 za ta ɗauki amsar wannan layi ta kai ta wancan, sai haruffan da ba a taɓa ba su fara fitowa. Shi ya sa a kibod ake barin tacewa ga manhajar ciki. Masu ƙera kibod da suka so rabuwa da matsalar daga tushe sun cire haɗuwar ƙarfen ne ɗungurum: wasu suwic ɗin suna aiki da katse hasken da ke wucewa, wasu da matsowar maganaɗisu. Inda ba ƙarfe biyu da ke karo, babu abin da zai yi tsalle, sai dai kuɗinsu ya fi yawa.

Ga mai kibod na yau da kullum, tsarin aikin a bayyane yake. Ya gwada shi a wata kwamfuta, ya auna tazarar dannawar bogi, ya sa tacewar da ta ɗan haura ta don aikin yau ya tafi. Kada ya tsaya nan: a cikin makon ya hura iska, ya wanke suwic ɗin, in ya ƙi ya musanya shi da na maɓallin da ba a amfani da shi. Masu shagunan buga takardu da cibiyoyin kwamfuta kuma su riƙa rufe kibod da ƙyalle idan an tashi aiki, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su kuma hana ajiye kofin shayi kusa da shi.